Kwafar Fim daga Faifan da Aka Saya zuwa Fayil: Yadda Ake Samun Kwafi Ƙarami Mai Kyau

Gabatarwa

Tun daga 1990, shekarar da aka fito da fim ɗin Turmin Danya a Kano, finafinan Hausa suke shiga garuruwan Nijar, da fari a kaset, daga baya a faifai, kuma ƙasar Kurfai, daga Filinge har zuwa Sanam a jihar Tilaberi, ba ta tsaya a baya ba wajen sayen waɗannan faifai da na wa'azi da na mawaƙa. A yau akwatunan kunna faifai suna mutuwa ba a sake sayen wasu, kallo ya koma cikin salula da ƙaramin katin ajiya da ake sanya mata, su kuwa faifan suna jibge a cikin akwatuna, zafin bazara da ƙurar hunturu suna cin su sannu a hankali. Wannan lacca ta taƙaita ne a kan aiki guda, wato yadda mutumin da ya sayi faifan fim zai mayar da shi fayil, ma'ana kundin bayanai mai suna da ake ajiyewa a cikin na'ura, sannan ya zaɓi saitin da zai ba shi kwafi marar nauyi wanda ido ba zai raina ba. Hujjar da za a bi tana da sassa uku: kwafi ba ya fin asalinsa kyau, nauyinsa lissafi ne da ake iya yi tun kafin a fara aiki, kuma na'urar da za a yi kallo da ita ce take yanke hukunci a kan saitin da ya dace.

Kafin a shiga aikin, ya kamata a san iyakarsa ta fuskar doka. Nijar tana cikin ƙasashen da suka rattaba hannu kan Yarjejeniyar Bangui ta 1977, wadda ta tanadi kare haƙƙin masu ƙirƙira, kuma ƙasar tana da ofishinta na kula da haƙƙin mawallafa a Yamai. Irin waɗannan dokoki suna bambanta kwafin da mutum ya yi domin amfanin kansa daga abin da ya mallaka, da kwafin da ake sayarwa ko ake tura wa jama'a, wanda shi ne satar fasahar da masu shirya finafinai a Kano suka daɗe suna kuka da ita. Duk abin da za a faɗa a nan ya shafi kashi na farko ne kawai.

Sanin abin da ke cikin faifai

Faifan fim da ake samu a gidaje iri biyu ne, kuma tilas a rarrabe su kafin a taɓa kowane saiti. Na farko shi ne bisidi, wanda aka ƙirƙiro a 1993, kuma ana gane shi idan an buɗe shi a kwamfuta aka ga jaka mai suna MPEGAV ɗauke da fayil irin AVSEQ01.DAT. Hotonsa yana da ɗigo 352 a kwance da 288 a tsaye, ɗigo kuwa shi ne ƙanƙanin tabon launi wanda tarinsa yake haɗuwa ya zama hoto, kuma kowane minti nasa yana cin kimanin megabayit 10, abin da ya sa faifai ɗaya ba ya ɗaukar fiye da minti 74 zuwa 80, har ake raba fim mai tsawo gida biyu. Na biyu shi ne dibidi, wanda ya shiga kasuwa a 1996, yana ɗaukar gigabayit 4.7 idan mai shimfiɗa ɗaya ne, ko 8.5 idan mai shimfiɗa biyu ne, ana kuma gane shi da jakar VIDEO_TS wadda a cikinta aka yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa zuwa fayiloli masu ƙarshen VOB, kowanne bai wuce gigabayit ɗaya ba. Hoton dibidin da aka yi domin wannan yanki yana da ɗigo 720 a kwance da 576 a tsaye, kuma hotuna 25 ne suke wucewa a kowace daƙiƙa.

Waɗannan lambobi su ne rufin da kwafi ba zai wuce ba. Hoton dibidi gaba ɗaya ɗigo 414,720 ne, alhali hoton da talabijin na zamani suke alfahari da shi, mai 1920 da 1080, ɗigo 2,073,600 ne, wato ninki biyar cif. Wanda ya umarci kwamfuta ta faɗaɗa fim ɗin dibidi zuwa wannan girma bai ƙara masa ko gashin gira ɗaya da kyamara ba ta ɗauka ba, ya dai tilasta wa na'ura ta ƙirƙiro ɗigo huɗu na cike gurbi a kan kowane ɗigo na gaskiya, sannan ya biya kuɗin ajiyarsu, domin guga ba ya fitowa da abin da babu a rijiya. Haka kuma akwai faifan da ake cusa wa finafinai biyar ko shida a wuri ɗaya, kuma idan aka raba megabayit 4,700 gida shida, kowane fim kimanin 780 kawai ya samu, ta tsohuwar hanyar matsewa marar ƙarfi, saboda haka hotonsa ya riga ya ragargaje tun daga inda aka buga shi. Irin wannan faifai, da bisidi ma, ba sa jure matsewa ta biyu sosai, kuma sau da yawa abin da ya fi shi ne a kwafe su yadda suke, ko a matse su da sassauci ba tare da an canja girman hotonsu ba.

Mataki na farko: fitar da fim daga faifai yadda yake

Aikin yana da matakai biyu da bai kamata a haɗa su ba, wato kwafa da matsewa. A mataki na farko ana ɗauke jakar VIDEO_TS ɗungurungum a sauke ta a rumbun kwamfuta ba tare da an canja komai ba, abin da yakan ɗauki minti goma zuwa ashirin idan faifan lafiyayye ne. Dalilin raba matakan shi ne matsewa tana iya ɗaukar awa ɗaya ko fiye, kuma ana iya maimaita ta sau uku kafin a gamsu, ba hikima ba ce a bar tsohon faifai yana juyawa cikin zafi duk tsawon wannan lokaci, alhali karatu ɗaya ya wadatar. Kwamfutocin hannu na yanzu da yawa ba su da maƙalin faifai, amma ana samun na waje da ake jonawa ta kafar USB, wanda ba ya buƙatar wuta dabam.

Kafin a sa faifai, ana hure ƙurar da ke kansa, sannan a goge shi da tattausan ƙyalle daga ramin tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba, domin bayanan suna kwance ne a kan layi mai zagayawa, kuma ƙarcen da ya bi layin yana shafe dogon jeri na bayanai a lokaci guda, alhali wanda ya gitta shi kaɗan yake taɓawa daga kowane zagaye, abin da na'ura take iya cikewa da lissafin gyaran kuskure. Yana da amfani a duba launin cikin faifan: idan fari ne kamar azurfa, an buga shi ne a masana'anta kuma yana da juriya, idan kuwa yana da launin shunayya, ƙona shi aka yi a kan wani rini wanda rana da zafi suke kashewa, don haka shi ya kamata a fara ceto. Alamar faifai mai ciwo ita ce kwafa ta tsaya a wuri ɗaya, maƙalin yana ta ƙara yana rage gudu, daga ƙarshe kwamfuta ta ce ta kasa karantawa. A nan sai a gwada wani maƙalin, domin ba ƙarfin ido ɗaya gare su ba, ko a yi amfani da manhajar ddrescue wadda take tsallake wurin da ya lalace ta kwashe lafiyayyen ɓangare tukuna, sannan ta dawo ta yi ta gwada abin da ya rage.

Akwai kuma faifan da ba ciwo ne ya hana su kwafuwa ba, kulle ne. Manyan kamfanonin finafinai na Turai da Amurka suna rufe faifansu da wani makulli mai suna CSS, suna kuma raba duniya shiyya-shiyya, inda yawancin Afirka take shiyya ta 5, Faransa ta 2, Amurka ta 1. Faifan finafinan Hausa da na wa'azi galibi ba su da wannan makulli, kuma tunda dokokin ƙasashe da dama sun hana karya shi ko da a kan faifan da mutum ya saya, bayanin da ke tafe ya tsaya ne a kan faifan da ba a kulle ba.

Lissafin nauyin fayil

Nauyin fayil ɗin fim ya dogara ne a kan abubuwa biyu kacal, tsawon lokacinsa da yawan bayanan da ake kashewa a kan kowace daƙiƙa, wanda ake aunawa da kilobit. Idan aka haɗa kilobit na hoto da na sauti, aka ninka da yawan daƙiƙoƙi, aka raba da 8,000, abin da ya fito shi ne nauyin fayil a megabayit. Fim mai minti 90 yana da daƙiƙa 5,400, saboda haka idan a kan faifai ana kashe kilobit 5,000 a hoto da 192 a sauti, nauyinsa zai kai kimanin megabayit 3,500, idan kuwa aka sauko da jimillar zuwa kilobit 1,000, zai tsaya a 675. Babu wata dabara da take kauce wa wannan lissafi, abin da ya rage kawai shi ne a tambayi yadda za a rage kilobit ba tare da ido ya lura ba.

Amsar tana cikin hanyar matsewa. Hotuna 25 da suke bin juna a daƙiƙa ɗaya kusan iri ɗaya ne, domin idan mutum biyu suna zance a tsakar gida, bango da tabarma da bishiya ba sa motsi, don haka manhajar matsewa takan ajiye cikakken hoto ɗaya, sannan a hotunan da ke biye ta rubuta abin da ya canja kawai, ta kuma zubar da ƙananan bambance-bambancen da ido ba ya kamawa. Dibidi yana amfani da tsarin MPEG-2 na tsakiyar shekarun 1990, shi kuwa tsarin H.264 da aka kammala a 2003 ya fi shi iya gano abin da ya maimaitu, har yakan ba da hoto mai kama da na asali da rabin kilobit ko ƙasa da haka. A 2013 aka fito da H.265 wanda ya ƙara ragewa, sai dai yana cin lokaci mai yawa wajen matsewa, kuma tsofaffin saluloli da ƙananan talabijin da akwatunan tauraron ɗan'adam da yawa ba sa buɗe shi, ko su buɗe shi yana sarƙewa yana shanye batir. Ga wanda zai kalli fim a salula mai sauƙin kuɗi, ya kuma ba iyalinsa su kalla a wata na'urar, H.264 a cikin fayil mai ƙarshen MP4 shi ne zaɓin da ya fi aminci.

Saitin da suke da tasiri

Manhajar da ta fi sauƙi ga wannan aiki ita ce HandBrake, kyauta ce, an fara ta a 2003, kuma ba ta buƙatar intanet bayan an girka ta. Idan aka nuna mata jakar da aka kwafo, za ta jero abin da ta samu ƙarƙashin Title, kowanne da tsawon lokacinsa, kuma fim ɗin shi ne mafi tsawo, sauran tallace-tallace ne da allon zaɓi. Daga cikin tarin maɓallan da take nunawa, huɗu ne suke da tasiri na gaske.

Na farko shi ne ma'aunin inganci, wanda yake ƙarƙashin Constant Quality da lambar RF. A wannan tsari ba a gaya wa manhaja nauyin da ake so ba, ana gaya mata matsayin kyan da ake so ne, ita kuma ta kashe kilobit da yawa a wurin rawa da gudu, ta tsuke hannu a wurin da ake zaune ana magana. Lambar tana tafiya a juye, ƙarama tana nufin kyau da nauyi, babba tana nufin sauƙi da raguwar kyau, kuma ƙa'idar da masu aikin suka sani ita ce ƙarin shida a kan lambar yana rage nauyin hoto kusan da rabi. Masu manhajar suna ba da shawarar 18 zuwa 22 ga hoton dibidi, wanda ya dace da kallo a talabijin, amma ga allon salula, inda ɗigon suke matse har ido ba ya rarrabe su, ana iya hawa zuwa 24 ko 25 ba tare da mai kallo ya koka ba. Kusa da wannan akwai Encoder Preset, wanda yake nuna irin haƙurin da manhaja za ta yi wajen neman hanyar tsimi, kuma matsayin slow yana ba da sakamako mafi kyau a kan kowane kilobit fiye da fast, sai dai yana cin lokaci da wuta.

Na biyu shi ne girman hoto da siffarsa, kuma a nan ne kuskure ya fi yawa. Ɗigon dibidi ba murabba'i ba ne, domin hoto mai 720 da 576 ɗin nan ana miƙe shi lokacin kallo ya zama 768 da 576 idan fim ɗin na tsohon talabijin ne mai siffar 4:3, ko 1024 da 576 idan mai faɗi ne na 16:9. Idan aka rasa wannan alama wajen matsewa, ƴan wasa za su fito da dogayen fuskoki ko su kumbura a kwance, kuma hanyar gane haka ita ce a nemi wani abu da aka san zagayayye ne, kamar tayar babur ko faifan rufe ƙwarya, a ga ko ya zama ƙwai. Barin Anamorphic a kan Automatic yana kiyaye siffar, amma tunda wasu ƙananan na'urori ba sa karanta alamar, ya fi aminci a fitar da hoton da ɗigo murabba'i, 640 da 480 ga fim na 4:3, ko 640 da 360 ga na 16:9, wanda ɗigonsa 230,400 ne, wato ɗan fiye da rabin na asali. Haka kuma ana yanke baƙaƙen gefuna da layin da yake rawa a ƙasan hoton finafinan da aka juyo daga kaset, domin wannan rawar tana cin kilobit a banza.

Na uku shi ne haɗe layuka. Kyamarorin bidiyo da aka ɗauki finafinan Hausa na farko da su suna ɗaukar kowane hoto ne kashi biyu, layukan mara a wani lokaci, layukan cika bayan kashi ɗaya cikin hamsin na daƙiƙa, domin haka tsohon talabijin mai ƙeya yake zana hoto. Allon salula da na kwamfuta suna nuna kasun biyu a tare, don haka duk abin da ya motsa sai gefensa ya fito da haƙora kamar na mashaci, waɗanda ban da muninsu suna kuma wahalar da manhajar matsewa, su ƙara wa fayil nauyi. Maganin yana ƙarƙashin Filters, inda ake sa Deinterlace a kan Decomb, wanda yake gyara hotunan da suke da haƙoran kawai ya bar sauran. A wuri guda akwai Denoise, mai rage tsakuwar da take rawa a cikin hoton da aka ɗauka da dare ko a ɗaki mai duhu, kuma a sa shi a kan Light ya isa, domin idan ya yi ƙarfi yana shafe zanen shadda da tsagen fuska, mutane su koma kamar an shafe su da man kaɗe. Yawan hotuna a daƙiƙa kuwa ana barin sa a kan Same as source, domin mayar da 25 zuwa 30 ba ya ƙara komai sai tangal-tangal a cikin motsi.

Na huɗu shi ne sauti, wanda ake yawan mantawa da shi alhali a ƙaramin fayil kasonsa ba kaɗan ba ne. Sautin dibidi yakan ci kilobit 192 zuwa 448, wato megabayit 130 zuwa 300 a fim mai minti 90, amma idan aka mayar da shi AAC mai kilobit 96 a kan Stereo, zai tsaya a megabayit 65, kuma kunne ba zai ji bambanci a lasifikar salula ba. Faifan wa'azi ko karatu, wanda murya ɗaya ce kawai, kilobit 64 a kan Mono ya ishe shi, fim mai waƙoƙi da kiɗan fiyano kuwa bai kamata a sauko da shi ƙasa da 96 ba, domin daga nan kaifin kiɗa yake fara yin ƙarar ruwa-ruwa.

Misali da aka bi daki-daki

A ɗauka wani magidanci a Sanam yana da dibidin fim ɗin Hausa mai minti 90, na siffar 4:3, mai nauyin megabayit 3,500 a fayilolin VOB huɗu, yana kuma so ya ajiye shi a katin gigabayit 16 wanda finafinai huɗu kawai zai ɗauka idan an zuba su yadda suke. Maimakon ya matse fim ɗin duka ya jira sakamako, sai ya yi gwaji a kan gajerun wurare biyu ta hanyar Range, inda ake zaɓar Seconds: minti biyu daga wurin rawa da waƙa, wanda shi ne mafi wuyar matsewa, da minti biyu daga wurin zance. A ce da RF 22, hoto 640 da 480, Decomb da sauti 96, gwajin rawa ya fito megabayit 20, na zance ya fito 10, wato 10 da 5 a kowane minti. Idan waƙoƙin fim ɗin sun ci minti 15, sauran 75 zance ne, lissafin zai zama 150 a tara da 375, jimilla megabayit 525, kusan kashi ɗaya cikin bakwai na asali, kuma katin zai ɗauki irinsa fiye da 25.

Idan wannan ya yi masa nauyi, sai ya cire 65 na sauti, ya ga hoto ne yake da 460, ya kuma san cewa hawa daga 22 zuwa 25 yana rage kusan kashi 30 cikin ɗari, wato hoto ya koma kimanin 320, fayil duka 385. Hukunci ba na lissafi ba ne daga nan, na ido ne, kuma wajibi ne a kalli gwajin a kan salular da za a yi kallo da ita, a duba wurare uku: fuskar mai rawa lokacin da take juyawa, ko ta farfashe zuwa ƙananan murabba'ai, sararin sama ko bangon ɗaki mai duhu, ko launinsa ya rabu mataki-mataki maimakon ya narke a hankali, da rubutun fassarar da ke ƙasan allo, ko gefen haruffa ya yi hazo. Lambar da ta fi girma wadda waɗannan wurare uku suka tsira a cikinta ita ce lambar wannan fim, kuma ba dole ta yi daidai da ta fim na gaba ba. Wanda ya fi son rubuta umarni zai samu kwatankwacin wannan da manhajar ffmpeg, inda crf yake matsayin RF:

```
ffmpeg -i "concat:VTS_01_1.VOB|VTS_01_2.VOB|VTS_01_3.VOB|VTS_01_4.VOB" \
 -vf "bwdif=mode=send_frame,scale=640:480,setsar=1" \
 -c:v libx264 -preset slow -crf 22 -c:a aac -b:a 96k -ac 2 fim.mp4
```

Akwai lokacin da nauyi ne ya zama dole, misali idan megabayit 400 kawai suka rage a kati. A nan ana juya lissafin: 400 sau 8,000 a raba da 5,400 ya ba da kilobit 592, a cire na sauti 96, a bar ɗan sarari, sai a rubuta 480 a gurbin Avg Bitrate, a kuma kunna zagaye biyu, domin manhaja ta fara leƙa fim ɗin duka ta san inda wuya take kafin ta raba abin da aka ba ta.

Matsalolin wuta da ajiya

Matsewa tana sa kwamfuta aiki da dukan ƙarfinta, kuma a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40 a wannan yanki, na'urar da ƙura ta toshe mata mashigar iska takan rage gudu da kanta ko ta mutu a tsakiyar aiki. Wannan yana da muhimmanci domin fayil ɗin MP4 sai a ƙarshen aiki ake rubuta masa jadawalin da yake nuna inda kowane hoto yake, don haka idan wuta ta yanke saura minti biyar, abin da aka samu ba ya buɗuwa ko kaɗan. Inda ake dogaro da farantin hasken rana ko injin wuta, ya kamata a fara da cikakken batir, a ɗaga kwamfutar daga kan katifa ko tabarma, a kuma auna tsawon aikin daga gwajin minti biyun nan, tunda idan gwajin ya ci minti ɗaya, fim duka zai ci kimanin minti 45.

Katunan ajiya masu gigabayit 32 zuwa ƙasa galibi suna kan tsarin FAT32, wanda ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabayit 4, abin da ba ya damun ƙaramin kwafi amma yana hana ajiye dibidi guda a dunƙule. Akwai kuma katunan jabu da suke nuna girman da ba su da shi, waɗanda alamarsu ita ce fayiloli su shiga lafiya amma na baya-bayan nan su ƙi buɗuwa, saboda haka a buɗe kowane fim bayan an tura shi, a leƙa farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa, a kuma tabbatar motsin baki yana tafiya tare da murya. Tura fim ta igiyar USB ko ta Bluetooth ba ya canja fayil, amma manhajojin hira suna sake matse duk abin da aka aika a matsayin bidiyo, sai dai idan an aika shi a matsayin takarda.

Kammalawa

Kowace matsewa tana zubar da bayanan da ba sa dawowa, kuma kwafin da aka matse daga kwafi yana gadon lahanin na farko ya ƙara nasa. Saboda haka ƙaramin fayil na kallo ne, ba na adana ba ne, kuma wanda yake da rumbu mai sarari ya kamata ya riƙe jakar VIDEO_TS ta asali, musamman ta faifan da ba za a sake samun irinsu a kasuwa ba, kamar na wa'azin malaman gari da wasan mawaƙan gargajiya, ya kuma ajiye faifan kansa a tsaye cikin gidansa, nesa da rana. Rumbu mai gigabayit 500 zai ɗauki irin wannan jaka fiye da ɗari, kuma duk ranar da aka samu babban allo ko ingantacciyar hanyar matsewa, daga ita za a sake fitar da sabon kwafi.